Yadda Ake Tantance Man Shafawa Kafin a Karɓe Shi Daga Hannun Dila

Yawancin sababbin masu shagon kayan kwalliya a wurin karɓar kaya ake cutarsu, domin kwalbar da dila ya miƙo musu kaɗai suke dubawa, alhali mai son sayar da jabu mai kyau yake ɗorawa a saman kwali. Saboda haka kada ka biya kuɗi sai an farke kwalin a gabanka, ka zaro kwalba ɗaya daga tsakiya, wata kuma daga can ƙasa.

Ka fara da lambar NAFDAC. Rashinta ya isa ka mayar da kaya, amma ganinta ba ya wanke su, tunda masu jabu suna kwafar ta. Abin da ya fi tona asirinsu shi ne lambar rukuni, wadda ake rubutawa BN ko LOT. Dole wadda ke jikin kwalba ta zo daidai da ta ƙaramin kwalinta.

Kwanan wata ne ya kamata ka ɓata wa lokaci, domin a nan na ga an fi yaudarar mutane. Ka fita da kwalbar cikin hasken rana ka karkata ta. Idan an goge tsohon rubutu da sinadari an buga sabo, wurin yakan dusashe ko ya fi sauran jikin robar sheƙi. Ka murza da babban yatsa, domin tawadar kamfani ba ta fita da sauƙi. Sannan ka yi lissafi. A ce ka ga MFG 03/2021, wato lokacin da aka yi man, da EXP 03/2027, wato lokacin da zai lalace, shekara 6 ke nan, alhali yawancin man shafawa shekara 2 zuwa 3 ake ba shi, don haka akwai alamar an taɓa lambar ƙarshe. Duk kwalbar da aka manna wa takarda a kan kwanan wata, ni dai ba na karɓarta ko da rabin kuɗi ne.

Man da aka sirka da ruwa sikeli ba ya kama shi, tunda nauyinsu kusan ɗaya ne. Dabarar ita ce ka ajiye kwalba ɗaya ta asali wadda ka saya daga wakilin kamfani. Kuɗinta ba asara ba ne. Ka ɗiga kowanne a kan madubi, ka jingine shi, wanda aka sirka zai riga gangarowa. Ka duba ko an ɓamɓare likin bakin kwalba, ka kuma shinshina, domin man da ya lalace yana warin tsohon mai, ruwansa kuma yakan rabu da maiƙonsa.

Idan kaya sun tsallake, ka sa dila ya rubuta lambar rukuni a rasit, ku kuma yi yarjejeniyar mayarwa tun kafin a ɗora kwali a mota.