Lissafin kuɗin shagon ɗinki kafin Sallah ta iso

Da farko ɗauko littafin bara, ka zana layi 12, wata ɗaya kan kowane layi. Sai ka duba kalandar Musulunci, domin Sallah na matsowa da kusan kwana 11 duk shekara.

Na biyu, rubuta kuɗi a watan da suka shigo hannu. Misali, ka karɓi ɗinkin N600,000 kafin azumi, kafin alƙalami N300,000. Rabin nan kaɗai za ka rubuta, sauran sai watan karɓar kaya, kuma ka rage masu "zan kawo bayan Sallah".

Sannan cire haya, zare, man janareto da kuɗin yaran shago. Ragowar ka kai layin gaba. Watan da ya faɗi ƙasa da sifili, galibi bayan Babbar Sallah in ba ɗinkin 'yan makaranta, shi za ka ware wa kuɗi kafin ka shiga Kasuwar Barci ta Kaduna sayen sabon keken ɗinki.