Yadda za ka ƙi tayin haɗin gwiwa ba tare da ka ɓata zumunci ba

Mu ce kana da shagon atamfa a Kantin Kwari, sai wani Alhaji ya ce zai zuba jari ku riƙa raba riba, amma ka ga tsarin bai yi maka ba.

Da farko, kada ka ba shi amsa nan take. Ka gode masa, ka nemi kwana uku ko mako guda ka yi shawara, sannan ka cika alkawarin. Abin da ya fi ɓata zumunci shi ne "in sha Allahu zan neme ka", daga nan sai shiru.

Na biyu, ka je da ƙafarka, ku keɓe, ba a gaban yaran shago ba. Saƙon waya ga babban mutum raini ne.

Bayan gaisuwa, ka kawo dalili guda wanda gaskiya ne, kuma ya shafe ka, ba shi ba: "Alhaji, na gode da ka yarda da ni, amma bana akwai bashin kaya a kaina, ba zan so in haɗa shi da kuɗinka ba." Kada ka ce kason ribar ne ya yi kaɗan, sai fa in ciniki kake so, don zai ƙara maka, ka rasa ta cewa.

A ƙarshe, ka ajiye masa wani abu takamaimai: "In kayan Sallah sun iso, mu gwada haɗa kuɗi a kan dila biyu mu gani." In wani ne ya haɗa ku, shi ma ka sanar da shi a ranar.