Hajiya, ga yadda za mu gyara hotunan nan

Salam Hajiya, na ga saƙonki, kuma wallahi kina da gaskiya, hotunan Murtala Square ba su fito da ke ba. Ba ke ba ce, rana ce. Ƙarfe ɗaya muka ɗauka tana tsakiyar ka, shi ya sa ƙarƙashin ido ya yi duhu, goshi na ƙyalli, ga ki kina ta lumshe ido. Ni ma da nawa laifin, na matso kusa da yawa sai hanci ya ƙara girma.

Ranar Asabar mu sake, kyauta.

Da farko ki iso biyar na yamma, mu tsaya a inuwa, fuskarki na kallon inda haske yake.

Sai ki ɗan karkata kafaɗa, ki miƙo goshi gaba kaɗan ki sauke haɓa, za ki ji kamar wani iri amma shi ke ɓoye ninkin wuyan nan da kika yi magana. Ni kuma zan ja baya kamar mita 3, kyamara daidai idonki.

Hodar kuma a samo daidai fatarki don Allah, waccan ta yi fari, fuska daban wuya daban. Ki taho da tishu saboda zufa.