Yadda Ake Zaɓa Tsakanin Firiji Mai Inbata da Na Gargajiya a Saudiyya

Kafin ka je kanti, ka san bambancin. Kwamfiresa, wato injin da ke sa firiji ya yi sanyi, na gargajiya gudu ɗaya gare shi: ya tashi da ƙarfinsa, in sanyi ya kai ya mutu, can kuma ya sake tashi. Mai inbata kuwa rage gudu yake yi ya ci gaba a hankali, sai an zuba kaya masu ɗumi ya ƙara wuta.

Mataki na farko, kada ka fara da bakin mai kanti. Duba takardar nan mai launin kore zuwa ja ta SASO, hukumar kula da ingancin kaya ta Saudiyya, da ke manne a ƙofa, ka nemi adadin kWh na shekara, wato yawan wutar da firijin ke ci. Firiji biyun su zama girmansu ɗaya, in ba haka ba lissafin banza ne.

Na biyu, fito da waya ka buga. A gidajen zama, kowane kWh halala 18 ne har zuwa 6,000 a wata, abin da ya haura kuma halala 30, sai harajin kashi 15 cikin ɗari. A ce na gargajiya ya nuna 480, mai inbata 330. Bambanci 150 ke nan. Sau halala 18, riyal 27, da haraji kusan 31 a shekara guda cur. In mai inbatan ya fi tsada da riyal 400, sai ka yi wajen shekara 13 kafin kuɗinka ya dawo. Babban gida mai na'urorin sanyaya ɗaki da ke tsallake 6,000 kowane wata zai fanshe a wajen shekara 8. Ni dai a nan ba don kuɗin wuta nake ba da shawararsa ba.

Don barci ne. A gidajen haya na Jidda da Makka, inda kicin ke jingine da ɗakin kwana, wani lokaci ma firijin a falo yake, wannan "ƙas!" da girgizar tashin na gargajiya a tsakar dare ita ke tada jinjiri. Don haka mataki na uku, nemi lambar dB, wato ma'aunin ƙara, a takardun firijin. Ratar 2 ko 3 da ƙyar kunne ke kamawa. Ta 10 kuwa kamar an ninka ƙarar ne. Gwaji a kanti ba ya nuna komai, hayaniya ta rufe. Ƙugin gas a bututu da motsin fanka kuwa duka biyun na yi.

Na ƙarshe, tambayi garanti dalla-dalla. Sau da yawa dogon garantin na kwamfiresa ne kaɗai, alhali allon lantarkin da ke sarrafa shi ne ke fara lalacewa in wuta ta yi hawa da sauka, kuma ya fi ɗan rile mai tayar da kwamfiresan tsohon samfuri tsada nesa ba kusa ba. Ka ce a nuna maka a rubuce shekara nawa allon ke ciki.