Kafin ka tura kuɗin haya, tantance lambar IBAN

Jama'armu a nan Turai ba su barin baƙo ya kwana a titi, kuma ina alfahari da hakan. Za a tarbe ka, a nuna maka inda ake rajistar adireshi, a raka ka banki ka buɗe asusu. Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ke ɓata mini rai shi ne yadda sabon zuwa zai karɓi lambar asusu ta saƙon waya, ya kwafe ta da hannu a tsaye a tashar jirgin ƙasa, ya tura kuɗin haya da kuɗin ajiya na mai gida gaba ɗaya, sannan ya kira mu hankali a tashe. Ɗan'uwa, kuɗin da ya fita zuwa wata ƙasa ba ya dawowa da sauƙi, don haka zauna ka duba lambar tukuna.

IBAN, wato lambar asusun banki ta ƙasa da ƙasa, tana da tsari. Haruffa biyu na farko sunan ƙasa ne, DE na Jamus, FR na Faransa, GB na Birtaniya, BE na Beljiyam. Lambobi biyu da ke biye su ne lambobin tantancewa, sauran kuma lambar banki ce da ta asusun. Kowace ƙasa da tsawonta wanda ba ya canzawa: Jamus da Birtaniya 22, Faransa da Italiya 27, Holan 18, Beljiyam 16, Saudiyya 24. Saboda haka fara da ƙirgawa, har da haruffan, ban da tazarar da ake bari bayan kowane huɗu don sauƙin karatu. Idan an ba ka lamba mai farawa da DE ka ƙirga ka sami 21, wani abu ya faɗi a hanya. Ka kuma kula da harafin O da sifili. A lambar Holan da ta Birtaniya akwai haruffa huɗu na sunan banki bayan lambobin tantancewa, amma a ta Jamus babu wani harafi bayan DE, duk abin da ya yi kama da O a ciki sifili ne.

Sai lissafin da ke kama kuskuren yatsa. Bari mu yi shi da lambar misali ta Beljiyam da bankuna ke koyarwa da ita, BE68 5390 0754 7034. Ɗauki huɗun farko ka mayar da su ƙarshe, sannan ka canza haruffa zuwa lambobi: A ita ce 10, B 11, haka har Z da ke 35. Ke nan B ta zama 11, E ta zama 14.

```
539007547034 BE68
539007547034 11 14 68
539007547034111468
```

Ƙa'idar ita ce idan ka raba wannan doguwar lamba da 97, ragowar ta zama 1. Ba kowane kalkuletan waya ne ke ɗaukar lambobi 18 daidai ba, don haka a gutsuttsura ake yi. Ɗauki tara na farko, 539007547, ka raba da 97, za ka ga 5556778 da ɗigo. Ka watsar da abin da ke bayan ɗigon, ka ninka 5556778 da 97, ka sami 539007466, ka cire shi daga lambar farko, saura 81. Yanzu rubuta 81 ɗin, ka jera lambobi bakwai na gaba a bayansa, ya zama 810341114, ka sake yin haka, ragowar 10. Ka jera biyun da suka rage, 1068, wanda 97 ke shiga sau 11 ya bar 1. Lambar ta wuce.

Da a ce yatsanka ya juya na ƙarshe ka rubuta 7043 maimakon 7034, ragowar za ta fito 50, nan take ka san akwai matsala. Lissafin nan yana kama duk lamba ɗaya da aka rubuta ba daidai ba, yana kuma kama biyu da suka musanya wuri. Manhajar banki tana yin sa da kanta, shi ya sa wani lokaci take ƙin karɓar lamba. Idan ta ƙi, kada ka yi ta canza lambobi kana gwadawa har ta karɓa. Na ga wanda ya yi haka, kuma ba ƙaramin ganganci ba ne. Koma wurin mai asusun ya sake ba ka a rubuce.

To, a nan ne akasarin sababbin zuwa ke faɗawa rami. Wucewar lissafin 97 yana nuna cewa an rubuta lambar daidai, shi ke nan. Bai ce asusun yana nan a buɗe ba, bai kuma ce na mai gidanka ne ba. Lambar ɗan damfara ma tana wucewa lafiya lau, domin asusu ne na gaskiya a banki na gaskiya. Wani ƙaninmu ya sami ɗaki a wani birni na Jamus kafin ya iso, aka turo masa takardar yarjejeniyar haya mai kyan gani, a ƙasanta da IBAN. Ya ƙirga, ya gwada, komai daidai. Abin da bai tsaya a kai ba shi ne gidan yana Jamus, lambar kuma ta fara da haruffan wata ƙasa dabam, sunan mai asusun kuma ba shi ne sunan mai gidan da ke kan takardar ba. Da ya tambaya aka ce masa asusun matar mai gidan ne, ya yarda, ya tura. Ya iso da akwatinsa ya tarar waɗanda ke cikin gidan ba su taɓa jin sunan mutumin ba. Bankinsa ya nemi a dawo da kuɗin, amma roƙo ne kawai banki ke iya yi, kuma an riga an kwashe.

Asusun wata ƙasa shi kaɗai ba laifi ba ne, a Tarayyar Turai an yarda mutum ya yi amfani da IBAN ta maƙwabciyar ƙasa. Amma idan ya haɗu da bambancin suna da kuma matsin lamba cewa ka biya yau ko a ba wani, dakata. Tun watan Oktoban 2025 bankunan ƙasashen da ke amfani da yuro suna gwada sunan da ka rubuta da lambar kafin kuɗi ya fita, su gaya maka ko ya dace, ko ya kusa, ko bai dace ba. Birtaniya ta riga su farawa. Karanta wannan saƙon da kyau, domin idan ya ce bai dace ba kai kuma ka danna ci gaba, asarar a wuyanka take. Rubuta cikakken sunan kamar yadda yake a yarjejeniyar. Idan kuma saƙo ya zo cewa mai gida ya canza asusu, kira shi ta lambar wayar da ka sani tun da, ku karanta IBAN ɗin huɗu-huɗu, kada ka kira lambar da ke cikin saƙon.

Masu turawa Najeriya su sani cewa can babu IBAN, haka ma Amurka da Kanada. Asusun Najeriya lambobi 10 ne, kuma ana haɗawa da sunan banki, da lambar SWIFT, wato lambar shaidar banki a duniya, mai tsawon 8 ko 11 idan ta banki zuwa banki za a tura. Idan fom ya nace sai ka sa IBAN alhali kuɗin Najeriya za shi, duba ƙasar da ka zaɓa a sama, wataƙila ba ita ba ce. Kada ka liƙa NG a gaban lambar don ta yi kama da IBAN.