Idan Saƙon Imel Ya Dawo: A Sake Turawa, A Gyara, Ko A Cire?

A ce kina shagon buga takardu a Garwa, kin tura wa abokan ciniki lissafin kuɗi, wani saƙo ya dawo. Da farko ki buɗe sanarwar da ta zo miki cewa saƙon bai isa ba, ki nemo lambar da ke ciki.

Idan ta fara da 4, kamar 421 ko 4.2.2, matsalar ta ɗan lokaci ce: na'urar da ke karɓar saƙo a can ta yi cunkoso, ko akwatin mutumin ya cika. Kada ki yi gaggawa, domin na'urar da ta ɗauki saƙonki takan ci gaba da gwadawa har kwana huɗu ko biyar.

Idan kuwa 550 5.1.1 ce, babu wannan adireshin. Ki duba shi harafi bayan harafi. Sau da yawa an rubuta yahoo.com ne alhali na mutumin yahoo.fr ne, abin da ya zama ruwan dare a nan Kamaru. Ki kira shi ki tabbatar, ki gyara, ki tura sau ɗaya. Ya sake dawowa? Ki cire adireshin, don yawan tura wa mataccen adireshi yana sa a ɗauki saƙonninki a matsayin shara.

Amma 5.7.1 daban ce. Yawanci adireshin lafiyarsa lau, saƙon ne aka ƙi karɓa, don haka kada ki goge adireshin. Ki nuna wa mai kula da imel ɗinku sanarwar.