Darasi: Akwatin imel ɗaya a waya da laftof, IMAP ko POP?

Saƙon imel da aka aiko muku ba a wayarku yake fara sauka ba. Yana sauka ne a wata babbar kwamfuta ta kamfanin da ya ba ku adireshin imel, wadda ba a kashe ta dare da rana. Ita ake kira sabar. Wayarku da laftof ɗinku zuwa suke yi wajen sabar su tambaya ko akwai sabon saƙo. Hanyoyi biyu ne aka saba bi wajen wannan tambaya: POP da IMAP. Ranar da aka saka muku imel a manhaja irin Outlook ko Thunderbird, yawanci an zaɓi ɗaya daga ciki, ko da wanda ya saka muku bai gaya muku ba.

Yadda kowacce take aiki

Waɗanda suka taɓa riƙe akwatin gidan waya za su gane POP da sauri. Mutum ya zo da makulli, ya buɗe akwati, ya kwashe wasiƙun ya tafi da su gida. Duk wanda ya zo bayansa, akwati wayam zai tarar. Haka POP take: na'urar da ta riga zuwa ita ke sauke saƙonnin, kuma a tsarinta na asali sai ta sa sabar ta goge su. An fara ta a 1984, lokacin da mutum ɗaya kwamfuta ɗaya yake amfani da ita kuma wurin ajiya a sabar yana da tsada, don haka tsarin ya dace da zamaninsa. Wadda ake amfani da ita yanzu ita ce ta uku, shi ya sa za ku ga an rubuta POP3.

IMAP kuwa Mark Crispin ne ya ƙirƙiro ta a Jami'ar Stanford a 1986. A nan saƙo yana zama a sabar. Waya ta duba shi a can, laftof ma ya duba shi a can. Abin da kuka yi wa saƙo a na'ura ɗaya, sabar ce ke rubuta shi, sai ɗaya na'urar ta gani. Kun karanta a waya, laftof zai nuna an karanta. Kun buɗe jakar ajiya mai suna Rasit a laftof kun zuba saƙonni a ciki, waya za ta nuna jakar da abin da ke cikinta. Kun goge a waya, ya tafi a laftof ma. Wannan na ƙarshen a riƙe shi da kyau, za mu dawo kansa.

POP ba ta san komai daga cikin waɗannan ba. Akwatin shigowa kaɗai take gani, wato Inbox. Ba ta gaya wa sabar cewa an karanta saƙo, ba ta san jakunkunan ajiya ba.

Misali: saƙon da ya ɓace bayan mako biyu

Mu ɗauki wata sakatariyar ƙungiyar mata masu sayar da dankalin Turawa a kasuwar Farin Gada, a Jos. Mu kira ta Malama Talatu. Ƙungiyar tana da adireshin imel nata na kanta. A ofis akwai laftof da aka saka wa Outlook da POP shekaru da suka wuce. Daga baya ɗanta ya saka mata imel ɗin a waya, wayar kuma ta zaɓi IMAP da kanta.

Ranar 3 ga wata wani mai saye daga Abuja ya aiko saƙo yana neman buhu 40, da farashin da aka yi ciniki a kai. Malama Talatu ta karanta a waya tana kasuwa. Ranar 5 ta shiga ofis ta kunna laftof. Saƙon ya sauka, amma da baƙin rubutu mai kauri kamar ba a taɓa buɗe shi ba. Wannan ita ce alama ta farko: laftof bai san an karanta ba, domin POP ba ta ɗauke da wannan labari. Ta rubuta amsa a laftof ta aika.

Ranar 10 direba ya kira yana tambayar abin da aka rubuta wa mai sayen game da kuɗin mota. Ta duba Sent, wato jakar saƙonnin da aka aika, a waya, babu amsar. Alama ta biyu ke nan. Aika saƙo aikin wata hanya ce dabam, SMTP, kuma kwafin abin da aka aika manhajar ce ke ajiye shi. Idan IMAP ce, sai ta kai kwafin sabar, kowace na'ura ta gani. Idan POP ce, kwafin yana zama a cikin laftof. Gmail ya bambanta a nan, domin shi da kansa yake ajiye kwafin duk abin da aka aika ta sabarsa, amma imel ɗin ƙungiya irin na Malama Talatu yawanci ba haka yake ba.

Ranar 20 ta sake kunna laftof da safe. Da rana aka samu saɓani kan farashi, ta ciro waya za ta nuna saƙon mai sayen, sai ta nema ta rasa. Ta ce wa ɗanta, "Kai, ko ƙannenka sun yi wasa da wayar nan ne?" Ya ce, "Wallahi Mama babu wanda ya taɓa." Gaskiyarsa ne. A cikin saitin laftof akwai layuka biyu:

```
Leave a copy of messages on the server
Remove from server after 14 days
```

Na farko yana nufin a bar kwafi a sabar bayan an sauke. Na biyu yana nufin a cire shi bayan kwana 14. Laftof ya sauke saƙon ranar 5, wa'adin ya cika ranar 19, ranar 20 da aka kunna shi ya umarci sabar ta goge. Waya kuwa abin da ke sabar take nunawa, don haka saƙon ya ɓace mata. Bai salwanta ba, yana nan cikin laftof. Amma yanzu nan kaɗai yake. Idan laftof ya lalace ko aka sace shi, shi ke nan.

Ku lura da yadda matsalar take ɓoye kanta. Ba nan take saƙo ke ɓacewa ba, kuma ba kullum ba, sai ranar da aka kunna laftof ya hau intanet. Shi ya sa mutane ke ɗora laifin a kan waya ko rashin sabis. In kun ga sababbin saƙonni suna nan a waya amma waɗanda suka wuce mako biyu suna zubewa, ku fara tuhumar wata na'ura mai POP. Wani lokaci tsohuwar kwamfuta ce da aka manta da ita a wani ofis.

Yadda za ku gane wacce aka saka muku

Ku shiga saitin imel ɗin, ku nemi inda aka rubuta Incoming server. Wani lokaci sunan sabar ya isa: imap.gmail.com ko pop.gmail.com. Idan sunan bai nuna ba, kamar mail.example.com, sai ku dubi lambar da ke gaban Port.

```
IMAP   993   (ko 143)
POP3   995   (ko 110)
SMTP   465 ko 587
```

Wajen karɓar saƙo, da 993 da 995 su ne masu kulle saƙo a hanya tun daga farko, don kada wani ya karanta kalmar sirrinku. Su za ku zaɓa. Akwai kuma gwajin da ba ya bukatar karanta lamba. Ku aika wa kanku saƙo, ku buɗe shi a waya, ku jira minti biyu ko uku, ku duba laftof. Idan ya nuna an karanta, suna tafiya tare. Idan bai nuna ba, akwai POP a wani wuri.

Mai amfani da manhajar Gmail a waya, yana kuma buɗe Gmail a shafin intanet a laftof, wannan matsala ba tasa ba ce, duka biyun sabar suke kallo kai tsaye.

Inda IMAP take cizo

Ga mai waya da laftof, IMAP ce ta dace, babu ja. Sai dai tana da nata. Wayar mutum ta cika, sai ya hau goge tsofaffin saƙonni don ya samu fili, yana cewa ai akwai su a laftof. Babu su. Daga sabar ya goge, laftof kuma da zarar ya hau intanet zai bi sahu. Ceton kawai shi ne kwandon shara, Trash, kuma a Gmail kwana 30 yake riƙe saƙo kafin ya zubar gaba ɗaya. Mai neman fili a waya hotuna da bidiyo ya kamata ya rage, ko ya sa manhajar ta riƙa ajiye saƙonnin kwanakin baya-bayan nan kaɗai.

Na biyu, tunda komai a sabar yake zama, wurin yana iya cika. Gmail na kyauta yana ba da gigabait 15, wanda imel da hotuna da fayiloli suke rabawa. Imel ɗin ƙananan ƙungiyoyi sau da yawa bai kai haka ba. Idan akwati ya cika, sababbin saƙonni ba sa shiga, komawa suke yi ga masu aikowa, ku kuwa shiru kawai za ku ji. A nan POP take da amfaninta: mai kwamfuta ɗaya da ƙaramin wuri a sabar, POP tana share masa akwati kullum. Sharaɗin shi ne ya riƙa kwafe saƙonninsa zuwa filashi.

Batun rashin sabis kuma, kada ya tsorata ku. Manhajojin IMAP suna ajiye kwafin abin da suka riga suka sauke, kuna iya karantawa ba intanet.

Komawa daga POP zuwa IMAP

Ba a juya asusun POP ya koma IMAP da danna maɓalli ɗaya, sabon asusu ake ƙarawa. Kafin komai, a kwafe tsofaffin saƙonnin. A Outlook suna cikin fayil mai ƙarewa da .pst, a ajiye kwafinsa a filashi. Wannan mataki shi ake yawan tsallakewa, kuma shi ne wanda ba ya gyaruwa in an yi kuskure. Sannan a cire alamar da ke kan layin gogewa bayan kwana 14, don laftof ya daina share sabar. Sai a ƙara adireshin a matsayin IMAP. A manhajar da ke saita kanta, a nemi inda ake saitawa da hannu don a tabbata IMAP aka zaɓa.

Bayan haka a jawo tsofaffin saƙonni daga jakunkunan laftof a zuba su cikin na IMAP, kaɗan-kaɗan, ana fara da na bana. Duk abin da aka zuba hawa sabar yake yi, yana cin data yana cin wuri, don haka a fara duba filin da ya rage. Kada a manta da Sent. Idan saƙonnin sun bayyana a waya, aiki ya yi, sai a dakatar da asusun POP.

Aikin gida

1. Buɗe saitin imel a wayarku, ku rubuta sunan sabar da lambar Port a littafinku. IMAP ce ko POP?
2. Laftof mai wa'adin kwana 14 ya sauke saƙo ranar 2 ga wata, ba a sake kunna shi ba sai ranar 25. Wace rana saƙon zai ɓace a waya?
3. Waya da laftof duka suna kan IMAP. An goge saƙo a waya jiya bisa kuskure. Ina za a fara nemansa?